Waiwaye: Taya Murna Gwargwadon Kusanci

Kafin wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a watan Agustan 2001, taya murna aikin ƙafa ne. In an yi haihuwa a unguwa, mata su yafa mayafi su shiga barka, maza kuma su tari angon ƙarni a ƙofar masallaci bayan Magariba. In aboki yana wani gari sai wasiƙa, ko a sayi katin Zaɓi Sonka a aika gidan rediyo a gaishe shi duniya tana ji. A wancan lokaci ba wanda yake zama ya yi tunanin irin kalmar da za ta dace da matsayinsa a wurin mai abin arziki, domin jiki ya riga ya ɗauke wa baki rabin aikin. Wanda ya zo da sassafe an san na jiki ne. Wanda ya rusuna ya cire takalmi an san yaro ne. Wanda ya shigo yana tsiya tun daga zaure, an san tare aka yi ƙuruciya. Dukkansu "barka da arziki" za su ce, amma kowa an ga inda ya tsaya.

Saƙon waya ba shi da ƙafa, ba ya rusunawa, ba a jin muryarsa. Duk abin da jiki yake yi a da, yanzu kalmomi ƙalilan ne za su ɗauka. A shekarun farko na tes wannan bai zame mana matsala sosai ba, saboda tsada ta koya mana tattali. Tes ɗaya harafi 160 yake ɗauka, har da tazarar da ke tsakanin kalmomi, kuma akwai lokacin da yake cin naira 15. In ka wuce da harafi ɗaya tak, an caje ka kuɗin biyu. Don haka mutum yakan rubuta ya goge, ya zaɓi sunan da zai kira, ya zaɓi addu'a guda, kuma ba kowa yake tura wa ba. Samun tes ɗin ma shaida ce cewa an ware ka. A 2013 hukumar sadarwa ta ƙasa ta ƙayyade kuɗin tes zuwa wani layi a kan naira 4, daga baya kuma WhatsApp ya yaɗu ya share batun kuɗi da iyakar haruffa baki ɗaya. Daga nan aka shiga zamanin da hoton fure ɗaya mai rubutun zinariya zai je wa shugabanka, da abokinka na makarantar kwana, da maƙwabcin da kuke haɗa katanga. Tun 2018 ma manhajar takan liƙa wa irin wannan saƙo tambarin "Forwarded" a samansa, wato tana gaya wa mai karɓa cewa ba dominsa aka rubuta ba.

Abin ya fi fito mini fili a kan wani da muka yi aiki tare a wata ma'aikatar tarayya. Mutum ne mai sanyin hali, dogo, Bazazzagi, ya daɗe a mataki na 15. A aikin gwamnatin tarayya mataki na 15 shi ne ƙaramin mataimakin darakta, na 16 mataimakin darakta, na 17 darakta, kuma a waɗannan matakai sai mutum ya yi aƙalla shekara huɗu kafin ya cancanci zama jarrabawar ƙarin girma. Ko ya ci, sai in akwai gurbi. Da takardarsa ta mataki na 16 ta fito, wayarsa ta yini tana ƙara. Bayan ƙura ta lafa muna zaune a ofishinsa yana amsa saƙonnin, sai na lura ba iri ɗaya yake yi musu ba. Wasu ya danna musu "Amin, na gode" ya wuce. Wasu ya tsaya ya rubuta layi biyu. Wasu ya kira. Akwai kuma 'yan kaɗan da ya karanta ya kife wayar a tebur, ya yi shiru. Waɗanda ya miƙo mini na gani su ne abin da zan bi a nan.

Na fara da na yaransa na ofis. Wata ma'aikaciya da ke ƙarƙashinsa ta rubuta: "Yallaɓai, barka da arziki. Mun ji labarin ƙarin girma, mun yi murna ƙwarai. Allah ya taya riƙo, ya ƙara wa Yallaɓai lafiya." A duba da kyau, babu "kai" ko "ka" a ciki ko sau ɗaya. Ta kira shi da abin da take kiransa a ofis, ta ce "mun" ba "na" ba, sai murnar ta zama ta sashen duka, ba wata alaƙa ta musamman tsakaninta da shi ba. Ta turo da rana, lokacin aiki. Rusunawar da za ta yi a bakin ƙofa ita ce ta koma cikin kalmomin. Wani yaron nasa kuma ya cika allo da kirari: giwa, bango madafar bayi, uban marayu, wanda ma'aikata ba ta taɓa ganin irinsa ba. Mutumin ya yi murmushi ya ce mini, "Wannan kwas yake so a tura shi." Ko haka ne ko ba haka ba, yadda aka karanta saƙon ke nan. Yabo daga ƙasa zuwa sama in ya yi tsawo, fadanci yake komawa, kuma mai muƙami ya fi kowa saurin jin warinsa, domin ya san jiya da yake mataki na 15 ba wanda ya kira shi giwa.

Daga sama kuwa abin ya juya. Daraktansa layi ɗaya ya turo: "Barka. Aikin da ka yi a kan kasafin bara bai ɓace ba. Allah ya yi jagora." Da a ce tsaransa ne ya rubuta gajere haka, da sai a ce ya yi sanyi. Amma babba ba ya bukatar tsawo. Abin da na ƙasa yake so ya ji daga gare shi shi ne an ga aikinsa, kuma ambaton aiki guda takamaimai ya fi "ka cancanta" sau goma. Wannan saƙo shi ne wanda mutumin ya sake buɗewa ya karanta a gabana.

Tsaransa, wanda suka yi shekaru suna raba ofis ɗaya da fanka ɗaya, ya rubuta: "Mutumina, barka! Zirga-zirgar Abuja da karatun dare ba su tafi a banza ba. Allah ya sa alheri, ya nuna mana na 17." Abin da ya ba wannan saƙo daɗi shi ne tsakiyarsa. Farkon da ƙarshen kowa zai iya rubutawa. Amma zirga-zirga da karatun dare sai wanda ya gani da idonsa. A ganina nan ne ma'aunin kusanci yake a gajeren saƙo: abin da ka ambata wanda wani ba zai iya ambata ba. Na nesa ya tsaya a kan labarin da kowa ya sani da addu'a, ba laifi, ya fita haƙƙi. Na kusa in ya tsaya a nan ya gaza, domin an san yana da abin faɗi fiye da haka, ya ƙi faɗa.

Saƙon da ya fi kowane wuya shi ne na waɗanda suka zauna jarrabawar tare da shi ba su samu ba. Biyu na gani. Na farko ya ce: "Barka da arziki, Malam. Allah ya sanya albarka, ya sa a sauke nauyi lafiya." Ya turo a ranar da jerin sunaye ya fito, bai jira zuciyarsa ta huce ba, kuma bai saka kansa a ciki ba. Babu "mu dai muna nan", babu "a tuna da mu". Mutumin namu ya tashi da kansa ya tafi ofishin wannan ya zauna da shi. Na biyu ya rubuta: "Barka dai, masu uwa a gindin murhu," ya bi da 'yar fuskar dariya har guda uku. Wannan yana cikin waɗanda aka kife wa waya. Mai yiwuwa da gaske wasa yake yi, mai yiwuwa da a baki ya faɗa suna tafawa, da an yi dariya an wuce. A rubuce kuwa maganar tana nan zaune, ana iya komawa a karanta ta da dare, kuma duk karantawa sai ta ƙara ɗaci. Fuskar dariya ba ta wanke magana mai ƙaya. Duk wanda yake da abin da ya rasa a cikin abin da wani ya samu, wasa ba nasa ba ne a ranar, komai kusancinsu.

A nan zan ɗan ratse kan lokaci, domin ofis gidan jita-jita ne. Sau da yawa labarin ƙarin girma ko naɗi yakan riga takarda fitowa da mako guda ko fiye, wani ya ce ya ga jerin a teburin wani. Masu son su riga kowa sai su fara turawa. In sunan bai fito ba, ka bar mutum da aikin amsa barkar abin da bai samu ba, kuma kai da shi za ku riƙa kauce wa juna a baranda. Abokin aiki na nesa ya jira sanarwa ko takarda. Na jiki, in ya ƙagu, tambaya zai yi a keɓe: "Na ji wata magana mai daɗi, ta tabbata?" Haka kuma a faɗi muƙamin daidai. Mutane da yawa sun rubuta wa mutumin nan "Barka, Darakta" a guruf ɗin ma'aikata, alhali darakta na gaskiya yana cikin guruf ɗin yana karantawa. Sun ɗauka girmamawa ce, shi kuwa kunya suka jefa shi, har sai da ya shiga ya gyara da kansa.

Sai abokan makaranta, kuma a nan ne mutane suka fi yaudarar kansu. Mukan ce "ajinmu ɗaya" kamar wannan ya isa ya zama kusanci. Aji guda kuwa yana da wanda kuka raba gado da garin kwaki, yana da wanda kuka san juna a fuska kawai, yana da wanda tun ranar da aka gama jarrabawar ƙarshe ba ku sake haɗuwa ba. Amininsa na makarantar kwana, wani Bakano, ya turo masa a keɓe: "Dogo! Ashe ɓarawon ƙuli-ƙulin ɗakinmu zai zama babban mutum? Zazzagawa sun samu na tuwo. Wallahi na ji daɗi har raina. Allah ya riƙa, sai na zo cin kaza." Mutumin ya yi dariya har da hawaye, ya kira shi nan take. Wannan saƙo yana da lasisi biyu. Na ɗaya, tare suka yi yunwar makaranta kuma ba su taɓa yanke zumunci ba. Na biyu, akwai wasan da ke tsakanin Kanawa da Zazzagawa, irin wanda ke tsakanin Fulani da Barebari ko Gobirawa da Yarabawa. Amma a lura, ko a cikin tsiyar sai da ya tsaya ya faɗi magana ɗaya ta gaskiya ba wasa, cewa ya ji daɗi har ransa, ya kuma yi addu'a. Saƙon amini in tsiya ce zalla daga farko har ƙarshe, yakan bar ɗan gurbi a zuciya, mutum ya ce to, ya yi murna kuwa?

Wannan Bakanon dai shi ne ya shiga guruf ɗin tsofaffin ɗalibai ya rubuta wani abu dabam: "Muna taya ɗan'uwanmu murnar zama mataimakin darakta. Allah ya taya shi riƙo." Babu Dogo, babu ƙuli-ƙuli. Ya san guruf taro ne, akwai ƙannen aji da suke ganin girman mutumin, akwai wanda zai ɗauki hoton allo ya tura wani wuri. Abin da ake faɗa a ɗaki ba shi ake faɗa a dandali ba, ko da bakin ɗaya ne. Kuma saƙon guruf bai ɗauke masa na keɓe ba. Amini da ya tsaya a kan sitika a guruf, a jerin mutum hamsin masu "Allah ya sa alheri", ya mayar da kansa ɗaya daga cikin hamsin.

Akwai kuma wata lamba da ba ta cikin wayarsa, ta rubuto: "Dogo an zama manya, ka manta da mu ko?" Babu suna. Ya daɗe yana kallon hoton mai lambar kafin ya gane wani ne da suka yi aji ɗaya, wanda rabonsu da magana ya kai shekara talatin. Laifi biyu a layi ɗaya. Ya ɗauko laƙabin da ba shi da hurumin kira yanzu, sannan ya buɗe da zargi, alhali shi ma bai nemi kowa ba sai yau da aka ji muƙami. Da ya rubuta, "Assalamu alaikum, ni ne Wane, ajinmu ɗaya a sakandare, ɗakin kwananku yana kallon namu. Na ji labarin ƙarin girma, na yi murna. Allah ya sanya albarka," da ya samu amsa mai daɗi, wataƙila ma daga nan zumunci ya farfaɗo. Wanda ya yi nisa ya fara da gabatar da kansa, ya kira mutum da sunan da ake kiransa yau, ya bar wa mai karɓa ya zama shi zai ce, "Kai, Wane! Kana ina?" Ba a ƙwace kusanci da ƙarfi ta waya. In na kusa ya yi maka rubutun baƙo, za ka ji ciwo. In baƙo ya yi maka rubutun na kusa, za ka tsargu, ka fara tambayar kanka me yake nema.

Maƙwabta al'amarinsu dabam ne, kuma na fi ganin ana kuskure a kansu yanzu fiye da da. Maƙwabci bai san mataki na 15 ko na 16 ba, ba kuma a bukatar ya sani. Abin da yake da shi wanda abokin aiki ba shi da shi, shi ne ƙofarsa tana kallon taka. Saboda haka saƙonsa ba ya zama cikakkiyar barka, sallama ce kawai. Wani dattijo maƙwabcin mutumin ya rubuta: "Alhaji, yanzu nake jin abin arziki a masallaci. Allah ya sa alheri. Ina nan shigowa bayan Isha'i." Ya kuwa shigo, ya yi minti kaɗan, ya sha ruwa, ya yi addu'a ya tafi. Zumunci a ƙafa yake, in ji Hausawa, kuma ga wanda taku ashirin ya raba ku, maganar ba ta tsufa ba. Wanda ya turo dogon saƙo mai furanni daga bayan katanga, sannan kuka haɗu a layin sallah da asuba bai ce komai ba, ya nuna maka wayar ce ta yi murna ba shi ba.

Wani maƙwabcin kuma saƙonsa ya fara da kyau, barka, addu'a, komai daidai. Sai a ƙasa ya ƙara: "Af, yaron nan nawa ya gama hidimar ƙasa, ga takardunsa nan na turo." Takardun kuwa suka biyo baya, guda huɗu. Ban ce neman alfarma wurin maƙwabci laifi ne ba, haka muke rayuwa, kuma mutumin da kansa ya ce da zai iya da ya taimaka. Amma da roƙo ya shiga cikin barka, barkar ta mutu, ta zama sallamar mai bara. A raba su. A yi murna yau, a bar kwanaki su wuce, a je da ƙafa a yi maganar yaro.

Ƙarin girma abu ne mai sauƙi in aka gwada shi da haihuwa, domin a haihuwa akwai kunya, akwai mata, akwai kuma abin da ba a sani ba. Namiji ba ya tura wa matar maƙwabcinsa saƙo kai tsaye. Mijin zai rubuta wa: "Malam, barka da ƙaruwa. Allah ya raya, ya ba mai jego lafiya. Iyali suna nan shigowa." Mata kuma su shiga da kansu, su ne masu barka ta gaskiya. In abokiyar aiki ce ta haihu, namiji ya rubuta a guruf ɗin ofis ko ya tura gajere da rana, "Hajiya, barka da sauka lafiya, Allah ya raya," ba tare da zukata ja da furanni ba, domin wayar mai jego a hannun kowa take, daga miji har dangin miji. Ƙawarta kuwa tana iya cewa, "Ƙawata, sannu da wuya! Ya jikin? Me kike sha'awar ci in taho da shi?" Ita ce mai hurumin tambayar jiki. Na nesa ba ya tambaya ko da kanta ta haihu ko aiki aka yi mata, ba ya kuma cewa "mace aka kuma samu?" Wannan "kuma" ɗin ta ɓata zumunci da yawa. In ɗan fari ne, har yanzu akwai gidajen da iyaye suke alkunya, sai ka ga uban ya amsa da "to, madalla" a taƙaice. Ba fushi ba ne, kada a matsa masa da raha a gaban manya. Abu mafi muhimmanci kuma, in labarin ya kwana biyu kafin ya iso gare ka, ka tambayi wani na kusa lafiyar uwa da jariri kafin ka tura komai. Na san gidan da saƙon "Allah ya raya" ya riƙa shigowa bayan an dawo daga maƙabarta, daga mutanen da suka ga hoto a sitatus ba su bincika ba.

Ƙarin aure ma yana da nasa tarko. Abokai maza sukan cika guruf da "ango, ango, ka burge mu, saura ta uku", sun manta uwargidan ko ƙanwarta tana cikin guruf ɗin unguwa ko na 'yan aji. A fili abin da ya dace shi ne "Allah ya ba da zaman lafiya, ya haɗa kan iyali." Sauran tsiyar a kai masa a keɓe.

Addu'ar da ke rufe saƙo ita ma ba a ɗauko ta da ka. Bahaushe ya riga ya ware wa kowane abin arziki tasa. Muƙami nauyi ne, shi ya sa ake cewa Allah ya taya riƙo, ya sa a sauke lafiya. Jariri Allah ya raya. Sabon gida Allah ya sa rai aka yi wa. Mota Allah ya tsare. Wanda ya gama karatu Allah ya sa albarka a ciki, ya kawo aiki na gari. Amarya da ango zaman lafiya, in kuma kai na jiki ne ka ƙara da Allah ya kawo ƙazantar ɗaki, wadda ba za ka rubuta wa shugabanka ba. Wanda ya san waɗannan ba ya bukatar kwafo saƙon kowa, layi ɗaya ya ishe shi. Kuma galibinsu suna tafiya ga Musulmi da Kirista baki ɗaya. In abokin aikinka Kirista ne, "Allah ya sa albarka" ta wadatar, ba sai ka tura masa doguwar addu'ar Larabci da ka samu a wani guruf ba, wadda kai ma in an ce ka fassara sai ka yi gumi.

Saƙon murya ya dawo mana da wani abu daga cikin abin da tes ya ƙwace, wato murya da dariya, kuma ga dattijon da karatun boko bai dame shi ba ya fi rubutu. Amma shi ma na kusa ne. Mai sabon muƙami ko mai jego ba su da sararin sauraron minti huɗu daga wanda suka sani sama-sama. In za a yi, a tsaya a ƙasa da rabin minti, a fara da sallama da sunan mai magana.

Yadda za ka gane ko ka auna daidai, amsar ce take nunawa, amma sai an karanta ta da lura. In kai na nesa ne aka ce maka "Amin, na gode", shi ke nan, an karɓa, kada ka sa ran fiye da haka daga wanda yake amsa saƙo ɗari. In kai kana ganin kanka na jiki ne aka ba ka wannan amsar, to ka koma ka karanta abin da ka tura, mai yiwuwa saƙon baƙo ka rubuta aka amsa maka da amsar baƙo. In ka yi wasa aka amsa da "to" ko "madalla" tsura, ko aka karanta aka yi shiru alhali ana amsa wa wasu, wasan bai shiga ba. Kada ka bi da wani saƙon kana bayanin abin da kake nufi, rubutu ne ya jawo matsalar, ƙarin rubutu ba zai warware ta ba. Ka kira, ko ka je.

Wanda kuma ya makara, mako biyu ko wata ya wuce bai ce komai ba, sau da yawa kunya takan sa ya yi shiru gaba ɗaya, shirun kuma ya fi makarar muni. Na nesa ya rubuta kawai, "Sai yanzu labari ya iso ni, barka da arziki, Allah ya sa alheri," in dai da gaske sai yanzu ya ji. In ya ji tun farko kada ya yi ƙarya, domin WhatsApp yana nuna wa mai sitatus sunayen waɗanda suka kalla. Na kusa kuwa ba shi da saƙon da zai rubuta a wannan matsayi. Ya sayi goro ko 'yar atamfa, gwargwadon abin da ya faru, ya tafi gidan, ya fara da "na zo a yi mini faɗa."